Yadda Ake Rubuta Wasiƙar Ta'aziyya Daga Ma'aikata Zuwa Ga Iyalan Ma'aikacin Da Ya Rasu

Na daɗe a ofishin kula da ma'aikata, kuma duk ranar da aka yi mana rashi, a teburina wasiƙar ta'aziyya take sauka. Abin da na gane a tsawon wannan lokaci shi ne, wannan takarda ba a karanta ta sau ɗaya a yar. Ana karanta ta a zaure ranar da aka kai ta, a shiga da ita cikin gida a sake karanta wa matan gidan, sannan a ninke ta a ajiye a ƙasan akwati tare da takardar gida. Bayan wata shida, idan maganar haƙƙoƙin mamaci ta taso, ita za a ɗauko a ce ga abin da kuka rubuta. Don haka aiki biyu take yi. Tana sanyaya zuciyar waɗanda aka yi wa rashi, tana kuma ɗaure ma'aikata da duk alkawarin da ke cikinta. Wanda ya manta da ɗaya daga cikin biyun zai ɓata ta.

Zan yi bayani da misalin ma'aikata mai zaman kanta a Najeriya wadda direbanta ya rasu bayan jinya, ya bar mata biyu da 'ya'ya da mahaifiya.

Abubuwan da za ka tanada kafin ka fara

Fayil ɗin marigayin, domin cikakken sunansa yadda yake rubuta shi, da ranar da ya kama aiki, da muƙaminsa na ƙarshe. Takarda mai tambarin ma'aikata, da ambulan mai tsabta, da hatimin ofis. Rubutacciyar amincewar shugaban ma'aikata kan duk taimakon da za a ambata, ko da layi biyu ne ya sa wa hannu. Sunan kamfanin fanshon marigayin da na kamfanin inshorar ran ma'aikata. Sai mutum biyu: abokin aikin da ya fi kowa zama da shi, da wani daga danginsa ko maƙwabtansa da ya san yadda gidan yake.

Idan takarda mai tambari ta ƙare ko firinta ta lalace, kada ka jira. Farar takarda da rubutun hannu mai kyau da hatimi da sa hannun shugaba sun wadatar. Idan fayil ɗin ya tsufa, ba a sabunta shi ba tun ɗaukar aiki, to ka dogara da bakin dangi fiye da shi.

1. Ka fara zuwa da ƙafarka

A ƙasar Hausa takarda ba ta maye gurbin zuwa gaisuwa. Musulmi ana binne shi ne cikin sa'o'i, don haka ranar farko ba ranar rubutu ba ce, ranar jana'iza ce da zama a tabarma. A aika wakilai su yi salla, su raka shi makwancinsa, su yi wa dangi ya haƙuri. Wasiƙar tana biyo baya, kuma mafi kyau ta isa cikin kwanaki ukun zaman makoki, lokacin da dangin nesa ba su watse ba. Idan amincewar shugaba ta yi jinkiri, kada ta wuce mako guda. Wasiƙar da ta iso bayan wata biyu tana fama ciwon da ya fara warkewa, kuma abin da take faɗa wa iyali shi ne sai yanzu aka tuna da su.

Idan marigayin Kirista ne, sau da yawa ana ɗaukar kwanaki ko makonni kafin a binne shi. A nan ka yi ƙoƙari wasiƙar ta riga ranar bison, domin wani lokaci iyali kan so a karanta ta a wurin.

2. Ka gano wa za a rubuta wa

Wannan mataki ya fi kowanne wuya, kuma a nan aka fi yin ɓarna. A fayil akwai sunan da ma'aikaci ya rubuta a matsayin makusancin da za a tuntuɓa idan wani abu ya same shi. Mutane da yawa suna ɗauka wannan shi ne magaji. Ba haka ba ne. Mutum ne da za a kira a sanar da shi, amma gado yana da masu shi, kuma shari'a ce take fayyace su, ba fom ɗin ofis ba.

Na taɓa ganin an kai wasiƙa da sunan matar da ke cikin fayil, ashe sun rabu shekaru da suka wuce, ta yi wani auren. Wadda ta yi jinyarsa, take zaune cikin takaba, ita aka miƙa wa ambulan ɗauke da sunan wata. Ba ta ce komai ba, ta juya ambulan ɗin ta kife shi a kan tabarma. Tun daga ranar ban sake rubuta suna a bayan ambulan ba sai na tambayi wanda ya san gidan.

Ka yi waɗannan tambayoyi cikin ladabi: mata nawa ya bari, 'ya'ya nawa, iyayensa suna raye, wa yake karɓar gaisuwa a madadin dangi? A misalinmu na mai mata biyu, kuskure ne babba ka ambaci uwargida ka bar amarya, ko ka juya. Hanyar da ba ta jawo rigima ita ce ka rubuta "Zuwa ga iyalan marigayi Malam Wane, ta hannun yayansa Alhaji Wane", sannan a cikin wasiƙar ka jero su ba tare da suna ba: mahaifiyarsa, matansa, 'ya'yansa da sauran 'yan'uwa. Mahaifiya ko mahaifi su ne a gaba. Ka buga kwafi uku ko huɗu, kowanne da sa hannu na ainihi, ɗaya ga babban dangi, ɗaya ga kowane ɗaki, don kada wata ta ji labarin abin da aka rubuta daga bakin kishiyarta. Idan mace ce ta rasu, a rubuta wa mijinta da iyayenta tare, domin rashin ya shafi gida biyu.

3. Ka zauna da shugaba a tsayar da abin da za a yi wa iyali

Kada ka ɗora biro a takarda sai an gama wannan. Ranar jana'iza zuciya tana karyewa, shugabanni kan yi maganganu masu daɗi a gaban jama'a, wani ya ce ai yaran nan namu ne, karatunsu yana wuyanmu. Idan ka ɗauki wannan ka rubuta a takarda mai tambari ba tare da an tsayar da yara nawa, har zuwa wane aji, daga wane asusu ba, ka dasa wa marayu tsammani, kuma ranar da aka canza shugaba su ne za su sha kunya a bakin ƙofa. Ka koma wurinsa bayan ya huce, ka tambaye shi dalla-dalla, ka sa ya rubuta.

Ka raba abin gida biyu a kanka. Na farko haƙƙi ne, wato abin da dole a biya ko an so ko ba a so: ragowar albashi da alawus, kuɗin da ke asusun fanshonsa, da kuɗin inshorar rai. Dokar fansho ta shekarar 2014 ta wajabta wa ma'aikatun da take hawa kansu su yi wa kowane ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na jimillar albashinsa na shekara ba. A ce direban namu yana karɓar naira 120,000 a wata, na shekara ya kama 1,440,000, ninki uku kuwa 4,320,000. Ka yi wannan lissafi don kanka, amma kada ka sa adadin a wasiƙar ta'aziyya. Kamfanin inshora ne zai tabbatar da shi, kuma adadi a takardar da za a karanta a zaure cikin jama'a yana tayar da ƙura tun kafin a share makoki. Ka bincika ma ko ma'aikatarku ta biya kuɗin inshorar wannan shekara kafin ka ambace ta.

Na biyu kyauta ce, wato gudummawar da ma'aikata ko abokan aiki suka haɗa don rage wa iyali nauyin zaman makoki. Ita dole ne wasiƙa ta faɗi ko ta wace ce. Idan aka miƙa ambulan na kuɗi aka yi shiru, wani zai ce gado ne a ajiye sai ranar rabo, wani ya ce na cefanen baƙi ne, matan kuma su zauna ba su ga ko sisi ba. Jimla ɗaya tana kashe wannan gardama: "Wannan gudummawa ce don hidimar gida da abincin yara, ba ta cikin haƙƙoƙinsa na aiki." Kuma kada a tura ta asusun albashin marigayin, domin banki kan rufe asusu da zarar ya sami labarin rasuwa, sai kuɗin ya maƙale har sai an kawo takardun kotu.

Akwai abubuwa uku da nake roƙon shugaba a kansu kullum. Idan iyalin suna zaune a gidan ma'aikata, a bar su aƙalla har matan su fita takaba, wata huɗu da kwana goma, ko har mai ciki ta haihu, tunda a gidan mijinta ake so mace ta yi takaba. Idan marigayin ya ci bashin albashi, a duba ko za a yafe. Duk Bahaushe ya san yadda bashin mamaci yake damun 'yan'uwansa, shi ya sa ake shelar masu bin bashi tun a wurin jana'iza, kuma na ga tsohuwa ta ɗaga hannu sama tana kuka da aka karanta mata cewa an yafe wa ɗanta. Idan ba za a yafe ba, kada a ambace shi a wannan wasiƙa ko da kalma ɗaya, a bari sai an zauna da babban dangi daga baya. Na uku, katin asibitin iyali: a tambayi kamfanin inshorar lafiya har zuwa yaushe zai ci gaba da aiki, a sanar da su ranar.

4. Ka nemo abu ɗaya na gaskiya game da shi

"Ma'aikaci ne mai ƙwazo da riƙon amana" ana iya faɗar sa a kan kowa, kuma iyali sun san haka. Ka je wurin abokan aikinsa ka tambaye su abin da za su fi tunawa. Za su ba ka abin da babu shi a fayil: shi ne yake tsayar da mota a yi salla a kan lokaci komai saurin tafiya, ko shi ne ya koya wa sabbin direbobi hanya, ko ya taɓa mayar da jakar kuɗin da aka manta a mota. Guda ɗaya ko biyu sun isa. 'Ya'yansa ƙanana za su girma su karanta wannan layi, kuma mai yiwuwa shi ne kaɗai shaidar da za su samu a rubuce game da halin mahaifinsu a wajen gida.

Kada ka ƙirƙira. Idan an sha samun saɓani da shi a wurin aiki, ka faɗi abin da yake gaskiya kuma alheri ne, kamar yawan shekarun da ya yi tare da ku, ka tsaya nan.

5. Ka rubuta, kada ta wuce shafi ɗaya

Ka rubuta da harshen da ake magana da shi a gidan. Idan dokar ofis ta ce sai da Turanci, ka yi ta Turancin don fayil, ka haɗa da ta Hausa, kuma ta Hausar ka rubuta ta daga tushe, kada ka fassara. Tsarin yana tafiya haka: sallama, ta'aziyya da addu'a, shaida a kan marigayi, taimako, wanda za a tuntuɓa, addu'ar rufewa. Ga ta direban namu:

*Zuwa ga iyalan marigayi Malam Wane, ta hannun yayansa Alhaji Wane.*

*Assalamu alaikum wa rahmatullah.*

*Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A madadin shugabanni da dukkan ma'aikatan wannan kamfani, ina miƙa ta'aziyyarmu ga mahaifiyarsa, da matansa, da 'ya'yansa, da sauran 'yan'uwa bisa rasuwar ɗan'uwanmu Malam Wane. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa jinyar da ya yi ta zama kaffara, ya sa Aljanna ce makomarsa.*

*Shekara goma sha ɗaya muka yi tare da shi. Duk wanda ya yi tafiya a motarsa ya san ba ya wuce lokacin salla a kan hanya, kuma yawancin matasan direbobinmu a hannunsa suka koyi aiki. Mun yi rashi tare da ku.*

*Tare da wannan takarda akwai gudummawa daga kamfani da abokan aikinsa, don hidimar gida da abincin yara. Ba ta cikin haƙƙoƙinsa na aiki. Za a biya albashinsa na wannan wata cikakke. Iyalinsa za su ci gaba da zama a gidan da suke har zuwa ƙarshen wata kaza. Ragowar bashin da ya karɓa daga kamfani an yafe masa.*

*Game da kuɗin fanshonsa da na inshorar rai, Malama Wance ta ofishin kula da ma'aikata za ta zo gida bayan mako biyu ta yi bayanin takardun da ake bukata, kuma za ta bi maganar tare da ku har a kammala. Ga lambarta a ƙasa, a kira ta duk lokacin da ake da tambaya.*

*Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya raya abin da ya bari, ya albarkaci bayansa, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.*

Ka lura da sakin layin taimako. Kowace jimla a cikinsa abu ne da aka riga aka amince da shi, kuma ana iya dubawa a ga an yi ko ba a yi ba. Babu "za mu yi iya ƙoƙarinmu", babu "ƙofarmu a buɗe take". Mace mai takaba ba za ta tako ofis ta ƙwanƙwasa ƙofar manaja ba, shi ya sa aka ba ta sunan mutum ɗaya da lambarsa da ranar da zai zo. Na fi so a wakilta mace idan akwai, domin ita ce za ta iya shiga har ɗaki ta zauna da matan.

Idan kana son ƙara addu'ar da ta zo a sunna, akwai saƙon da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika wa 'yarsa lokacin da ɗanta yake bakin mutuwa, cewa abin da Allah ya karɓa nasa ne, abin da ya bayar nasa ne, kuma komai yana da ajali a wurinsa, sai ta yi haƙuri ta nemi lada. Ka rubuta ma'anarsa da Hausa idan ba ka tabbatar da rubutun Larabcin ba. Ga iyalin Kirista kuwa, ka cire lafuzzan da suka keɓanta da Musulunci, ka ce "Allah ya ta'azantar da ku, ya ba ku ƙarfin jure wannan rashi", sannan ka ba wani abokin aiki Kirista ya duba kafin a buga.

6. Ka tace abin da bai kamata ya shiga ba

Kada ka ambaci sunan cutar da ta yi ajalinsa, "bayan jinya" ya isa. Kada ka yi maganar dawo da makullin mota, katin shaida ko wayar ofis. Waɗannan suna da tasu ranar, da baki, bayan an share makoki. Kada ka sa jerin takardun da za a kawo, ka bar wa takarda ta biyu da za a kai daga baya. Kada ka yi wa'azi mai tsawo, malaman unguwa sun riga ka.

Idan a bakin aiki ya rasu, misali haɗarin mota yana kan aikin kamfani, a nan sai an ƙara taka-tsantsan. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya ga waɗanda mamacin yake ɗaukar nauyinsu, ta hannun NSITF, hukumar gwamnati mai kula da asusun wannan diyya, kuma wajibi ne ma'aikata ta kai rahoton rasuwar. A wasiƙar kada ka ɗora laifi a kan marigayin, kada kuma ka wanke kamfani, kuma kada ka yi amfani da kalmar ƙaddara don rufe bakin iyali. Ka ce ana binciken yadda abin ya faru kuma za a sanar da su sakamakon, sannan lauyan ma'aikata ya duba takardar kafin a sa hannu.

7. Dubawa da sa hannu

Ka karanta ta da ƙarfi a gaban abokin aikin nan da ya san shi. Kunne yana kama abin da ido ya tsallake. Ka duba suna harafi-harafi, ka duba shekarun aiki da fayil. Idan daga tsohuwar wasiƙa ka kwafo tsarin, ka bi ta layi-layi, domin "jiƙanta" da ya rage a wasiƙar namiji, ko sunan wani mamacin da ya maƙale a tsakiya, yana rushe komai. Mafi girman shugaba ne yake sa hannu, da biro, ba hoton sa hannu ba. Idan ya yi tafiya, mataimakinsa ya sa da sunansa da muƙaminsa.

8. Kai wa da hannu

Mutum uku ko huɗu sun isa, da babba ɗaya a cikinsu da mace aƙalla ɗaya. A yi sallama, a zauna, a yi addu'a tukuna, sannan a miƙa wa babban dangi takardar. Idan ya nemi a karanta a zaure, a tsallake sakin layin taimako, a ce akwai bayani na iyali a ciki. Mace ta shiga ciki ta karanta wa mahaifiya da matan gaba ɗayanta, a hankali. Kuɗi a ambulan daban, a miƙa shi gaban shaidu biyu daga dangi. Ofishin kuɗi zai nemi shaidar karɓa, to ka shirya 'yar takarda daban, ka nemi afuwa kafin ka miƙa ta. Kada a ɗauki hoto don shafin kamfani.

Idan garin da nisa, a kira babban dangi a waya a yi ta'aziyya da baki, a tura masa hoton wasiƙar, sannan ta ainihin ta bi hannun wani amintacce.

9. Takarda ta biyu

Ranar da aka ambata a wasiƙa, ranar za a je. A tafi da takarda ta biyu mai jerin abin da ake bukata don fitar da haƙƙoƙinsa: shaidar asibiti kan rasuwar, takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, takardar kotu da ta ba da izinin karɓar dukiyar mamaci a madadin magada, da hotuna da katin shaidar waɗanda kotu ta ambata. Kafin ka rubuta jerin, ka kira kamfanin fanshon da na inshorar su faɗa maka ainihin abin da kowannensu yake karɓa da kotun da yake amincewa da takardarta, don kada a sa marayu zirga-zirga sau biyu. Takardar kotu ita ce ta fi cin lokaci, sai a gaya musu haka tun farko, a ba su shawara su fara da ita.

Ka ajiye kwafin wasiƙar farko a fayil, ka ja layi ƙarƙashin kowane alkawari, ka rubuta ranar da aka cika shi a gefe. Ni ba na mayar da fayil ɗin mamaci cikin kabad sai kowane layi ya sami kwanan wata a gefensa.